Dalar Kukar Jibo

Saura wata huɗu Malam Sabi'u ya yi ritaya aka kira shi taron tsara aikin lafiya na shekara mai zuwa. Shi ne mai riƙe da alƙaluma a sashen lafiya na Rogo, kodayake a Karaye yake zaune, kullum sai ya hau babur ya je ya dawo. Matarsa Bara'atu ta rasu shekara uku da suka wuce. Babban ɗansu yana Fatakwal, 'yarsu tana aure a Minna, autan kuma yana karatu a Zariya. Gida mai ɗaki huɗu ya koma daga shi sai tantabaru.

Wata ƙungiya ce za ta ba da mota da ma'aikata biyu su riƙa zagaya ƙauyukan da ba su da asibiti. Kafin nan an bi gida-gida an rubuta kowa da shekarunsa, aka ce Malam Sabi'u ya zana wa kowane ƙauye dalar shekaru. Ya yi su a manyan takardu da rula da biro kala biyu, maza a hagu, mata a dama. Kowane layi shekara biyar ne: jarirai zuwa 'yan shekara huɗu a can ƙasa, sai 'yan biyar zuwa tara a kansu, haka har sama inda tsofaffi suke. Tsawon layi shi ne yawan mutanen da ke cikinsa.

Wadda ƙungiyar ta turo daga Kano ita ce Malama Nuriyya, matashiya mai saurin magana amma mai ladabi. Ta fara haska dalar Najeriya a bango.

"Ku dubi gindinta," in ji ta. "Wannan faɗin haihuwa ce. Cikin mutum goma, fiye da huɗu ba su kai shekara sha biyar ba. Ku duba sama kuma, ta tsuke kamar tsinin mashi. Waɗanda suka haura sittin da biyar ba su wuce uku cikin ɗari ba. Ko yau kowace mace ta rage haihuwa, ƙasar nan za ta ci gaba da ƙaruwa shekaru da yawa, domin duk yaran nan na ƙasa iyayen gobe ne."

Sai ta haska ta Japan. Ɗakin ya ɗauki dariya, don siffarta ta tulu ce, ƙasa a matse, ciki da kafaɗa a buɗe. Ta ce haka ƙasa take zama idan haihuwa ta ragu, mutane kuma suka daɗe a duniya: tsofaffi su yi yawa, masu ɗaukar nauyinsu su yi kaɗan. "Mu dai ba mu kai nan ba. Shi ya sa motarmu rigakafi da awon ciki za ta ɗauka."

Aka shiga duba takardun Malam Sabi'u ɗaya bayan ɗaya. Duk sun yi kama da ta ƙasa, har aka zo kan ta Kukar Jibo, wani ɗan ƙauye a mazaɓar Gwangwan. Nuriyya ta daɗe tana kallonta. Gindin bai yi faɗin sauran ba. Daga shekara ashirin zuwa talatin da tara, ɓangaren maza ya lotsa kamar an gutsire shi. Sama kuwa ta yi kauri.

"Baba, a gafarce ni, amma ina jin an yi kuskure a nan. Mutum arba'in da tara sun haura sittin da biyar cikin ɗari huɗu da sha biyu? Kusan sha biyu cikin ɗari ke nan, ninki huɗu na ƙasa. Tsofaffinmu kan ƙara wa kansu shekaru. Maza kuma wataƙila suna gona aka je."

"Yana yiwuwa, Malama," in ji shi. "Amma ko mutum yana gona, matarsa za ta faɗi sunansa. A ba ni kwana biyu in je in gani."

Washegari bayan sallar asuba ya ɗaure takardun a bayan babur. Damina ta ja baya, dawa ta fitar da kai, ana cirar gyaɗa. Tun kafin ya isa ya lura da gonaki uku a jere da ciyawa ta cinye. A bakin ƙauyen ya tarar da mai unguwa, dattijo Malam Shitu. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya da iyali da damina, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Samari?" Malam Shitu ya yi murmushin yaƙe. "Suna Legas suna tuƙa babur, suna Abuja suna ɗaukar bulo. Da can rani kawai suke tafiya, ruwa na sauka su dawo. Yanzu sai salla, wasu ma sai waya. Wanda ya samu ɗaki sai ya aiko a kai masa matarsa da 'ya'yansa. Makon jiya da aka yi mana rasuwa, sai da muka aika maƙwabta aka zo aka taya mu haƙa kabari."

Malam Sabi'u ya bi gidajen da kansa, yana sallama yana jira. Bai tambayi kowa shekarunsa kai tsaye ba, don ya san amsar: sittin, saba'in, tamanin, kullum lamba mai sifili. Sai ya tambayi abin da mutum ya tuna. Kina ina aka yi yaƙin basasa? Da aka gina dam ɗin Challawa, ɗanka na fari ya fara noma? Da haka ya sauko da mutum huɗu daga layin da aka sa su, ya kuma hau da biyu. Maza 'yan ashirin zuwa talatin da tara ya ƙirga su sau biyu, sha ɗaya ne. Mata sa'anninsu talatin da takwas.

Gida na ƙarshe yana can gefe, kusa da wani garke da babu saniya ko ɗaya a ciki. Ya yi sallama sau uku kafin wata murya ta ce ya shigo. Tsohuwa ce, Hajo, tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, duk sun kumbura. A kusa da ita akwai tukunya a kan murhu, wutar ta mutu.

"Sannu, Inna. Ke da wa kike a gidan?"

"Ni da Allah, Malam. 'Ya'ya shida na haifa, biyar suna raye. Suna aiko mini, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma aike ba ya ɗebo ruwa."

Ya tambaye ta lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira. Ta ce a shekarar tana goyon ɗanta na biyu. Ya lissafa a ransa, ya ga ta kai saba'in da uku ko da huɗu. An sa ta a layin da ya dace.

"Yaushe aka auna jininki?"

"Masu farar riga suna zuwa," in ji ta. "Su tsaya a ƙofa su ce, akwai yara 'yan ƙasa da biyar? In ce babu. Akwai mai ciki? In ce babu. Su yi rubutu da alli a bango su wuce. Kai ne na farko da ya zauna."

Ya ajiye takardun, ya ɗauki bokiti ya je rijiya ya cika mata randa, ya hura wutar. Ta ce lallai sai ya ci ɗumamen tuwo. Suka ci tare. Sai a lokacin ya tuna rabon da ya sa hannu a kwano ɗaya da wani tun ranar sadakar arba'in ɗin Bara'atu.

Ranar Alhamis ya shimfiɗa sabuwar dalar a gaban Nuriyya. Siffar ba ta canza ba. Tsofaffin sun zama arba'in da bakwai.

"Ba daɗewa suke yi fiye da kowa ba," in ji shi. "Na tsakiya ne suka tafi, suka tafi da haihuwarsu, sai saman ya yi nauyi. Mazan da suka ɓace a takardar nan suna cikin dalar Legas suna kumbura ta. In kin haɗa ƙasa duka, ramin nan da tudun can sai su cike juna, ba za ki ga komai ba. Kuma uku cikin ɗarin da kika ce, Malama, a ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari biyu, ai mutum miliyan shida ne da wani abu. Yaran da kika nuna mana a ƙasa, in Allah ya ba su rai, hawa za su yi. Wa zai auna jininsu?"

Nuriyya ta bi layukan da yatsa. "Gaskiyarka, Baba. Ni ce na sa wa ƙauye rigar ƙasa. Amma motar ɗaya ce, yara kuma sun fi yawa ko a Kukar Jibon. Ba zan iya juya tsarin duka ba."

"Ban ce ki juya ba."

Abin da aka samu a ƙarshe shi ne rana ɗaya a wata: motar za ta je Kukar Jibo da abin awon hawan jini da na sukari, da magungunansu, a kuma shiga gidajen waɗanda ba sa iya fitowa. Nuriyya ta ce a sake duba dalar sauran ƙauyukan, ko akwai masu irin wannan ramin. Aka samu biyu.

Kafin motar ta fara fita Malam Sabi'u ya ajiye aiki. An yi masa ɗan taro a ofis, aka ba shi agogon bango da darduma. Ranar zuwan farko ba wanda ya gayyace shi, amma ya tashi babur ya tafi. A ƙarƙashin kuka ya tarar da tsofaffi sun jeru a tabarmi, maza gefe, mata gefe. Ya duba bai ga Hajo ba. Malam Shitu ya ce ƙafar ce ta matsa mata, ɗanta ya zo ya tafi da ita Suleja, tana kuka tana cewa a bar ta. An sa kwaɗo a ƙofar.

Ya cire takalmi ya zauna a ƙarshen layin maza. Ma'aikacin da ya zo kansa sabo ne, bai san shi ba.

"Baba, shekara nawa?"

"Sittin cif. Wannan kam da takarda."

Aka naɗa masa abin awon a hannu. Ma'aikacin ya duba, ya sake aunawa, ya ce jinin ya hau sosai, ya rage gishiri, ya je asibitin Karaye cikin makon nan, kuma kada ya tuƙa babur cikin ranar nan sai ta yi sanyi. Ya tambaye shi ko akwai wanda zai riƙa tuna masa shan magani a gida. Malam Sabi'u ya ce zai tuna da kansa.

Ya zauna a inuwar har kowa ya watse, motar ma ta tafi. Da la'asar ta yi ya bi Malam Shitu masallaci. Su bakwai suka yi sallar, sahu ɗaya bai cika ba.