Injin Tsintar Shinkafa

Zulaihatu ta fito daga mota ke nan a harabar kamfanin casar shinkafa na Alhaji Husaini, can bayan garin Keffi ta hanyar Akwanga, sai Madam Caroline, mai kula da kuɗin kamfanin, ta leƙo ta taga ta yafito ta.

"Shigo ki rufe ƙofa," in ji Madam Caroline. "Banki sun dawo mana da takardu."

Zulaihatu ta shiga ta rufe ƙofa. Ita wakiliyar wani kamfani ce a Abuja mai shigo da injinan sarrafa hatsi, kuma kusan shekara guda ke nan tana sintiri a kan wannan ciniki ɗaya. Abin da take son sayar musu injin tsintar shinkafa ne, mai kamarori da ke duba kowace ƙwaya, ya hure baƙa da tsakuwa da iska ya bar fara tas. Tun farko Injiniya Hyacinth, shugaban sashen injina, shi ya nemo ta, don manyan kantunan Abuja suna dawo musu da buhuna saboda baƙar ƙwaya. Da shi ta ɗauki shinkafarsu suka je Lafiya aka gwada a irin injin, ya gani da idonsa. Shi ya ba da shawara ta ƙara kwamfireso mai ba injin iska da na'urar daidaita wuta a cikin lissafi. Daga nan Madam Caroline ta riƙe ta watanni a kan garanti, da kayan gyara, da yadda za a rarraba biya. Wani kamfani daga Legas ya shigo da farashi mai rahusa, sai da ta kawo sunayen masu amfani da injinsu aka buga musu waya ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe, makon jiya, Alhaji Husaini ya ce mata, "An gama, Zulaihatu. Na amince."

A ranar ta buga wa manajanta, Mista Mayowa, ta ce ciniki ya faɗa. Shi kuma ya sa aka ware musu inji a cikin kayan da za a yi lodinsu a jirgin ruwa ƙarshen wata.

"Me ya faru, Madam?"

"Banki ba za su ba da rancen ba sai duk daraktoci sun sa hannu a kan shawarar saye. Daraktoci biyu ne. Alhaji ya sa nasa. Yayarsa ta ƙi."

"Wace yaya? Ban taɓa jin sunanta ba."

"Hajiya Mu'mina. Tana zaune a unguwar Yara. Gadon mahaifinsu ne aka kafa wurin nan da shi, tana da kasonta. Ba ta zuwa ofis, da ma duk abin da Alhaji ya aika mata sa hannu take yi. Wannan karon ta ce a'a."

Zulaihatu ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Sau nawa ta tambayi Injiniya ko akwai wani da za a ji ta bakinsa, yana cewa Alhaji ne kaɗai. Ba ta taɓa tambayar Madam Caroline ba.

Ta tarar da Alhaji Husaini a ofishinsa yana waya. Da ya gama ya ɗaga hannu tun kafin ta buɗe baki.

"Na san abin da ya kawo ki. Maganar gida ce, ki bar min."

"Ranka ya daɗe, farashin da muka ba ku na wata ɗaya ne saboda dala. In jirgin nan ya tashi babu naku, injin ba zai iso ba sai bayan kaka. Me Hajiya ta ce ba ta so?"

"Ba ta faɗa ba. Ta ce kawai ba a yi shawara da ita ba." Ya kau da kai. "Zan lallashe ta."

A mota ta kira Mista Mayowa. Bai bari ta kai ƙarshe ba.

"Ke kika ce min ya faɗa. Akwai mutumin Kebbi da ke son injin nan da kuɗinsa a hannu, na hana shi saboda ke. Rage musu wani abu, su sa hannu kafin Juma'a."

"Oga, ba farashi ba ne matsalar. Ban ma san matsalar ba tukuna."

"To ki sani. Bayan Juma'a zan sakar masa injin."

Zulaihatu ta san in ta tafi Yara kai tsaye ta tsallake Alhaji, tana iya ɓata duk abin da ta gina. Ta koma ciki ta roƙe shi izini. Ya juya biro, sannan ya ce, "Je ki gaishe ta. Amma kada ki ce ni na aiko ki."

Gidan Hajiya Mu'mina yana cikin lungu, sai da ta bar mota a bakin titi. A tsakar gida ta tarar da mata sun fi goma zaune a kan tabarmi, kowace da faranti a cinya, suna tsintar shinkafa suna zubawa a buhunan da ke ɗauke da tambarin kamfanin Alhaji. Tana ganinsu ta gane abin da ya hana Hajiya sa hannu.

Hajiya, dattijuwa siririya mai tabarau, ta amsa gaisuwarta har ƙarshe, ta sa aka kawo mata ruwa.

"Ke ce mai injin?"

"Ni ce, Hajiya."

"An ce yana tsintar abin da matan nan za su yi wata suna yi kafin a yi azahar. Gaskiya ne?"

Zulaihatu ta ji matan sun rage hira. Tana da amsoshin da aka koya musu a ofis, na cewa kasuwa za ta buɗe, aiki zai ƙaru. Ta duba fuskar Hajiya ta ga ba za su shiga ba.

"Gaskiya ne, Hajiya. In aka kafa shi, tsintar hannu ta ƙare."

"Madalla da kika faɗa. Husaini ce min ya yi wai taimaka musu zai yi." Ta gyara tabarau. "Waccan mijinta ya rasu. Waccan daga Jigwada take takowa. Ni na tara su tun kamfanin yana rumfa ɗaya. Sai a aiko min takarda da direba a ce in sa hannu?"

"An gaya miki kantuna suna dawo da shinkafar?"

Hajiya ta tsaya. "Wa ya dawo da ita?"

A nan Zulaihatu ta fahimci kowa a cikinsu ɓangare ɗaya ya sani. Injiniya ya san buhunan da ake dawowa da su, Madam ta san abin da hakan ke ci, Hajiya ta san matan, kuma ba su taɓa zama wuri ɗaya a kan maganar ba. Ita ma da ɗai-ɗai ta bi su.

"Hajiya, ba zan ce ki sa hannu ba. Ina roƙon ki zo kamfani ranar Alhamis, a zauna da kowa. Ki ji nasu, su ji naki."

Haɗa zaman ya ba ta wahala fiye da yadda ta zata. Alhaji ya ce ba ya son a tone maganar gida gaban ma'aikata. Injiniya Hyacinth ya fusata, ya ce ana wasa da aikin shekara saboda faranti. Madam Caroline ce ta shiga wurin Alhaji ta rufe ƙofa, da ta fito ta ce an yarda.

Ranar Alhamis Hajiya ta iso a Keke Napep, ta zauna a kujerar da ke fuskantar ƙaninta. Injiniya ya zube shinkafa kashi biyu a kan tebur, wadda aka tsince da hannu da wadda aka gwada a Lafiya. Hajiya ta baza su da yatsa ta daɗe tana kallo. Madam Caroline ta ce babban mai sayensu ya ba su wa'adi zuwa fitowar sabuwar shinkafa, in ba a gyara ba zai koma wani wuri, kuma in ya tafi rabin injinan casa za su tsaya.

"Husaini, me ya hana ka gaya min?"

"Yaya, ban so hankalinki ya tashi ba."

"To ga shi ya tashi." Ta juya ga Zulaihatu. "'Yata, injin naki mutum nawa yake ɗauka?"

"Biyu a kowane zubin aiki, Hajiya, kuma mu za mu koyar da su. Ba zan ce miki ya fi haka ba."

Wayar Zulaihatu tana ta motsi a jaka, ta san Mista Mayowa ne.

Madam Caroline ta yi gyaran murya. Ta ce kantunan sun sha neman ƙananan ledoji na kilo ɗaya da kilo biyar, kamfani yana ƙi don shinkafar ba ta kai a sa ta a leda mai nuna ciki ba. In ta yi fari, aunawa da liƙewa aikin hannu ne.

"Zai ɗauke su duka?" in ji Hajiya.

"Ba duka ba, Hajiya. Wataƙila rabi."

"A rubuta rabin a cikin takardar da zan sa wa hannu. Sauran kuma a ci gaba da ba su tsinta har ranar da injin ya fara aiki, a sallame su da abin jari daga kasona da na Husaini."

Alhaji ya ce a ba shi lokaci ya yi lissafi da Madam.

Zulaihatu ta ce, "Ranka ya daɗe, gobe ne wa'adin da ofishinmu ya ba ni."

"Na ji. Ba zan amsa abin da ban lissafa ba."

Juma'a ta zo ta wuce. Mista Mayowa ya saki injin ga mutumin Kebbi, ya kuma gaya wa Zulaihatu a gaban abokan aiki cewa daga yau kada ta sake cewa ciniki ya faɗa sai ta ga takardar oda. Ba ta musa ba.

Sai tsakiyar watan da ya biyo baya Madam Caroline ta kira ta. Alhaji ya yarda da sharaɗin, Hajiya ta sa hannu, banki sun karɓa. Amma dala ta motsa, rancen da aka amince da shi ba zai kai kuɗin babban injin ba. Zulaihatu ta kwana biyu tare da Injiniya Hyacinth suna duba yawan abin da kamfanin ke casawa a awa, suka ga ƙaramin samfurin injin zai ɗauka in aka ƙara zubi na yamma. Injiniya bai so ba, ya ce nan da shekara biyu za su yi nadama, amma ya sa hannu a kan bayanin. Madam ta nemo wani kamfani a Lafiya da zai riƙa tsince musu na babban mai sayen har nasu ya iso.

Zulaihatu ta karɓi takardar oda ranar wata Talata da hantsi. Kamishonta ya ragu, kuma injin ba zai sauka ba sai bayan kaka. Ta ɗauki hoton takardar ta tura Abuja, sannan ta zagaya bayan sito inda Injiniya yake jiranta da tef ɗin awo, su auna wurin da za a zuba kankaren girka injin.