Uku Cikin Dubu Tara

Malama ta shekara talatin tana makin jarrabawa kafin wani kamfani ya ɗauke ta don ta sa ido kan manhajar da ke ba amsoshi maki. Ranar farko injiniya ta nuna mata allo: cikin sakamako dubu tara, tsarin tantancewa ya tare uku.

"Laifinsu me?"

"Wannan babu gurbin da ake rubuta dalilin makin. Wannan an rubuta 'huɗu' da kalma, lamba ake so. Wannan 'da dama-dama' ne, alhali 'daidai' ko 'kuskure' kaɗai aka yarda."

Malama ta riƙe baki. Aikin wata guda kenan, an gama shi kafin shayinta ya huce.

"Ikon Allah. To ni me ya rage mini, 'yata?"

"Siffa kawai yake dubawa, Mama. Ko makin ya dace, ke za ki faɗa."

Malama ta jawo kujera.