Kwasar Adashen Mazvita

Ni ce mai zuwa karɓo kuɗin Mazvita. Duk ƙarshen wata saƙo zai shigo wayata, in ɗaura zani, in shiga mota zuwa cikin garin Gutu, in bi layi da katin shaidata, a ƙirgo mini dala ɗari uku. Kafin in dawo gida kowa ya riga ya sani. Ban taɓa gane yadda labarin yake riga ni isowa ba.

Mazvita ƙanwar mijina Garikai ce. Tana Ingila, tana aiki a gidan kula da tsofaffi: ta yi musu wanka, ta ba su abinci a baki, ta juya waɗanda ba sa iya juyawa. Mu kuma muna ƙauye da surukata, wadda kowa ke kira Mama, da yaranmu uku. Kuɗin nata shi ne maganin hawan jinin Mama, shi ne kuɗin makarantar yara, shi ne sukari da mai da sabulu. Akwai kuma rabon Kawu Mhazo, yayan Mama, wanda gidansa ke bayan namu. Shi ba ya tambaya. Zai zo ne da sandarsa ya zauna a gindin mangwaro, ya yi ta yabon Mazvita har sai na miƙa masa nasa.

"Maman Anesu," zai ce mini, "yarinyar nan a kafaɗata ta girma."

"Mun sani, Kawu. Kafaɗar ce ma ake biya duk wata."

Sai ya yi dariya, ya cusa kuɗin a aljihun tsohon kwat ɗinsa.

Wata Lahadi bayan mun dawo daga coci Mazvita ta kira ta bidiyo. Muka taru a inuwa, na jingina wayar da tulu. Ta fara da tsokanata kamar kullum.

"Matarmu, kin ƙara ƙiba. Ashe kuɗina a jikinki yake tafiya."

"Ke kuma kin rame. Ba sa tuƙa tuwon sadza a can ne?"

Da aka gama dariya ta faɗi abin da ya sa ta kira. Suna adashe, ita da mata tara 'yan ƙasarmu da ke aiki a can, kuma wata mai zuwa ita ce da kwasa. In an canza kuɗin zai kai dala dubu shida. Tana so ta ji shawarar gida.

Garikai bai bari ta rufe baki ba. Malamin firamare ne, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, kuma ya daɗe yana mafarkin ƙaramar mota mai jigilar fasinja tsakanin Gutu da Masvingo.

"Mota, ƙanwata. Kullum sai ta shigo da kuɗi."

"Wa zai tuƙa, Yaya? Kai kana aji."

"A sa direba."

"Direba ya ci, bakanike ya ci, masu tsare hanya su ci. Ni kuma in aiko kuɗin taya."

Kawu Mhazo ya yi gyaran murya. A ganinsa a sayi shanu, a kuma sake rufin ɗakinsa da ke yoyo, a raba saura ga dangi kowa ya sa albarka. Ita kuwa Mazvita cewa ta yi so take ta ajiye kuɗin duka a banki a can. Takardar zamanta a ɗaure take da wurin aikinta. Ranar da suka sallame ta, ko bayanta ya ƙi, ba ta da inda za ta dafa.

"Banki!" in ji Kawu. "Fanshona na shekara talatin a banki ya narke, ko burodi bai saya ba."

"Wancan bankin gida ne, Kawu," in ji Mazvita, "kuma a wancan lokacin ne. Kuɗin Ingila ba ya narkewa haka."

Duk wannan Mama tana ɓare gyaɗa. Sai ta ajiye faranti ta matso kusa da wayar.

"Mazvita, ɗaga hannunki in gani."

Ta ɗaga. An naɗe wuyan hannun da bandeji.

"Ba komai ba ne, Mama. Wani tsoho ne mai nauyi."

"To ki ji. Rabi ki ajiye, kar ki faɗa wa kowa inda yake, har ni. Rabin kuma ki sa shi inda zai rage mana dogaro da ke." Ta juyo gare ni. "Maman Anesu, sau nawa kike zuwa famfon makaranta a rana?"

Na ce ya danganta da tsawon layi.

"To ruwa. A haƙa mana rijiyar burtsatse a gonar baya. Mu sha, mu yi lambu, mu sayar."

Garikai ya ɓata rai kwana biyu, ranar na uku kuma na gan shi yana auna gonar da igiya.

Mazvita ba ta aiko kuɗin a dunƙule ba. Ta ce kowane mataki da nasa. Aka fara da mai binciken ruwa, ya zo da wayoyinsa ya kakkafa ƙarafa a ƙasa, ya nuna wani wuri kusa da dutse. Ya ce akwai alama, amma shi ba ya rantsuwa a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Masu haƙa kuma suka faɗi sharaɗinsu tun farko: kuɗinsu na mita arba'in ne, a sami ruwa ko kada a samu. Abin da ya wuce haka, kowace mita da kuɗinta.

Motar haƙa ta iso wata safiya a watan Satumba, rabin ƙauye na biye da ita. Aka kafa, aka soma. Ƙara ta cika ko'ina, farin gari yana tashi yana rufe mana gashin ido. Na dafa wa ma'aikatan sadza da kaza. Rana ta take, ta karkata, har yanzu gari ne busasshe. Can sai injin ya yi shiru. Shugabansu, wani gajere mai suna Zvobgo, ya zo yana share fuska.

"Mama, arba'in ke nan. Garin ya ɗan fara damshi, amma ba ruwa. Mu ci gaba ko mu naɗe?"

"In an ci gaba za a samu?"

"Ni dai na ga inda aka samu, na ga inda ba a samu ba."

Ƙarin mita ashirin zai ci kusan dala ɗari bakwai. Abin da ya rage a rabonmu na famfon sola ne da tanki, in aka taɓa shi ko an sami ruwan ba abin jawo shi. Muka kira Mazvita. Ba ta ɗauka ba, tana bakin aiki. Muka zauna jugum, ma'aikata suna shan taba a inuwar motarsu, har ta sami hutun shan shayi ta kira. Garikai ya yi mata bayani, ya ƙare da cewa:

"Ki ɗan taɓo wancan rabin mana. Ɗari bakwai ne kawai."

Ina ganin fuskarta, na san kalmar da take so ta faɗa ta yi mata nauyi, don ba ta taɓa faɗa mana ita ba.

"A'a, Yaya. Wancan ba na taɓa shi. In na taɓa yau, gobe ma akwai dalili. Kuma ka tuna har yanzu ina zubin adashen nan duk wata, ban gama ba." Ta numfasa. "Ga abin da zan iya. Zan karɓi kuɗin a hannun wata ƙawata yau ɗin nan, in biya ta da abin da nake aiko muku. Wata uku ba saƙo, sai na maganin Mama. In kun yarda, a ci gaba. In ba ku yarda ba, a tsaya, ba wanda zan zarga."

Ni ina lissafin sukari da kuɗin makaranta a zuci. Mama ta ce ita ta yarda. Garikai ya ce zai roƙi hedimasta a jinkirta mana kuɗin zango. Saura Kawu Mhazo, wanda rabonsa ne zai tsaya cak. Ya daɗe yana zana ƙasa da sandarsa.

"Wata uku," ya ce. "Har da ni?"

"Har da kai, Kawu."

"Yarinyar nan ta zama Baturiya." Ya miƙe da ƙyar, ya nuna Zvobgo da sanda. "Kai, me kake jira? Tada injinka. Ina da awaki, ba zan mutu ba."

Aka tada. Garin ya koma toka-toka, ya koma laka. Bayan mita hamsin da 'yan kai sai ga ruwa ya feso, jajaye da farko, ya jiƙa Zvobgo sharkaf. Mata suka ɗau guɗa. Mama ta durƙusa a cikin taɓo tana addu'a. Na riƙe wayar sama don Mazvita ta gani, amma hutunta ya ƙare, sai hoto na aika mata.

Ruwan ba shi da yawa kamar yadda muka so. Da aka gwada, aka ce zai cika tanki ɗaya a wuni in rana ta yi kyau. Garikai ya naɗe igiyarsa, babban lambun da ya auna ya koma kashi ɗaya cikin uku. Muka shuka tumatir da kabeji da ganyen miya.

Watannin ukun nan mun ji su. Shayi ba madara, sabulu ana yanka shi gida huɗu. Kawu ya sayar da akuya ɗaya, kuma duk wanda ya haɗu da shi a hanya sai ya ji labarin akuyar. Tumatir na farko ma bai yi kuɗi ba, don ya nuna ne lokacin da kowa ke da tumatir, muka sayar da bokiti a wulaƙance. Daga nan na koyi shuka a lokacin da wasu ba su da ruwa. Na kuma shirya da mai dafa abincin makarantar kwana da ke kusa da mu, duk mako ina kai masa kabeji a amalanken jaki.

Yanzu Mazvita dala ɗari da hamsin take aikowa. Ba ra'ayinta ba ne, Mama ce ta ce ta rage. Sauran tana tarawa, tana kuma biyan kuɗin wani kwas da zai ba ta aiki mai sauƙi a asibiti. Rabon Kawu ya ragu shi ma, amma ya naɗa kansa mai gadin lambu, yana korar awakin mutane da ihu, nasa kuma yana yi musu magana a hankali.

Ta zo gida a Disamban da ya wuce, karo na farko tun tafiyarta. Washegari da safe ta fito da tsohon zanin Mama, ta ce a ba ta tiyo. Ta shayar da layi biyu, ta taka min shuka huɗu.

"Matarmu, nawa ne kabeji ɗaya?"

"Guda biyu dala ɗaya."

"Ni fa mai rijiya ce."

"To ke dala ɗaya ɗaya, tunda daga Ingila kike."

Ta watso min ruwa. Mama ta leƙo daga madafi ta ce mu bar ɓarnar ruwa, mu zo shayi yana hucewa.